Turke da Bakin Rumbu: Yadda Lambar Farko Ke Ɗaure Mana Ciniki

Saura kwana huɗu Babbar Sallah na shiga kara neman ragon layya. Ban fito gida da wani farashi a raina ba, kuɗi ne dai a aljihu da niyyar in yi ciniki mai kyau. Idona ya faɗa kan wani farin rago mai baƙin wuya, na dafa bayansa, na buɗe bakinsa na dubi haƙora kamar na san abin da nake dubawa. Dillalin ya matso.

"Alhaji, ka iya zaɓe. Wannan dubu ɗari huɗu da hamsin ne, ba don kai ba ne ma da ba zan faɗi haka ba."

"Haba Malam, rago ne fa ba sa ba. Ɗari uku."

"Albarka."

Muka yi ta ja. Na ƙara goma, ya rage ashirin, na juya kamar zan tafi, ya riƙo hannun rigata. A Naira 330,000 ya sallama. Na dawo gida ina jin kaina gwanin ciniki, don a lissafina na zabge masa 120,000. Washegari maƙwabcina ya sauke nasa ragon daga a-daidaita-sahu, in ka jera su ba za ka ce ga babba ba. Shi 260,000 ya biya.

Dillalin bai yi mini ƙarya ba, bai kuma ɓoye wani aibi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya riga ni faɗin lamba. Daga wannan lokacin duk tunanina ya koma kan nawa zan rage daga 450,000, na manta da tambayar da ta kawo ni, wato nawa ragon ya kai. Ribar 120,000 da na yi ta murna da ita, daga kuɗin da babu wanda ya taɓa niyyar biya na cire ta.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan tarko. Sun raɗa masa sunan ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Mu da ba mu da teku muna da abin da ya fi shi dacewa: turke. Akuyar da aka ɗaure tana iya zagayawa gabas da yamma, tana iya jin kamar yawo take yi, amma iyakarta tsawon igiya. Lambar farko da ta shiga kunnenka ita ce turken, cinikin da kake yi kuma zagaye ne.

Waɗanda suka fito da batun fili su biyu ne, Amos Tversky da Daniel Kahneman, malamai a Jami'ar Ibrananci da ke birnin Ƙudus. A 1974 suka buga wata maƙala a mujallar Science inda suka nuna cewa idan mutum zai yi kirdado kan abin da bai da tabbacinsa, ba ya zama ya tattara hujjoji. Yanke yake bi. Kuma yanken nan yawanci yana kai shi, sai dai inda yake ɓatar da shi, hanya ɗaya yake ɓatar da kowa, har ana iya faɗin inda mutum zai kauce tun kafin ya kauce. Kahneman ya karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2002 saboda wannan aiki da abin da ya biyo bayansa. Tversky bai ga ranar ba, ya rasu a 1996.

Gwajinsu da ya fi shahara ya shafe mu kai tsaye. Suka kawo wani faifai mai juyawa irin na 'yan caca, an rubuta lambobi daga 0 zuwa 100 a jikinsa, amma an shirya shi yadda ba ya tsayawa sai a kan 10 ko 65. A juya shi a gaban mutum, sannan a tambaye shi: cikin ƙasashen da ke Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Ya haura wannan lambar ko bai kai ba? To, nawa ne a ganinka? Waɗanda faifan ya tsaya musu a 10, tsaka-tsakin amsarsu kashi 25 ne. Waɗanda ya tsaya musu a 65 suka ce kashi 45. Kowa ya gani da idonsa cewa lambar daga faifan caca ta fito, babu abin da ya haɗa ta da Afirka, amma duk da haka ta ja amsar da tazarar kashi 20. Ko da aka sa lada ga wanda ya fi kusa da daidai, jan bai ragu ba.

Akwai na biyu da za ka iya gwadawa a kan yaran gidanka yau da dare. An ba wasu ɗaliban sakandare daƙiƙa 5 su kirdadi amsar 1×2×3×4×5×6×7×8. Wasu kuma aka ba su lissafin a juye, 8×7×6×5×4×3×2×1. Na farko suka ce 512, na biyu suka ce 2,250. Amsar ita ce 40,320. A daƙiƙa biyar mutum zai iya ninka lambobi uku ko huɗu na farko ne kawai, sai ya ɗora wani abu a kai. Wanda ya fara da ƙanana ya sami ƙaramin turke, wanda ya fara da manya ya sami babba, kuma dukansu igiyar ba ta kai su ko kusa ba.

Wannan gwaji ya nuna hanya ta farko da turke ke aiki. Mutum ya san lambar farko ba daidai ba ce, yana matsawa daga gare ta, amma da zarar ya iso wurin da ya ji "to, nan ma zai yiwu", sai ya tsaya. Bakin iyakar abin da zai yiwu yake tsayawa, ɓangaren da ya fi kusa da turken. Ragona zai iya kaiwa ko'ina tsakanin 240,000 da 330,000. Da yake daga sama na gangaro, a rufin na tsaya. Da daga ƙasa na hauro, da a daɓen zan tsaya.

Hanya ta biyu ta fi wuyar kamawa. Idan aka ce maka rago 450,000 ne, kafin ka musa, zuciyarka ta riga ta fara nemo dalilan da za su sa ya kai: ga ƙaho, ga tsayi, ga farin gashi, ai kuwa dusa ta yi tsada bana. Da an ce maka 150,000 ne, da abin da za ka fara gani shi ne ƙashin bayansa da ya ɗan fito da majinar da ke hancinsa. Ragon bai canza ba. Lambar ce ta zaɓar maka abin da za ka kalla, kai kuma kana ganin da idonka ka auna.

Mai karatu zai ce ai wannan aikin ɗan koyo ne, wanda ya san dabbobi ba a yi masa haka. Ni ma haka na so in yarda. Amma a 1987 wasu masu bincike biyu, Northcraft da Neale, suka kai ƙwararrun dillalan gidaje na birnin Tucson a jihar Arizona ta Amurka su duba wani gida na gaske. Suka zagaya shi ciki da waje, aka ba su takardun bayani iri ɗaya, har da kuɗin da aka sayar da gidajen unguwar. Abu ɗaya aka bambanta: farashin da aka ce mai gidan ya sa. Waɗanda aka nuna wa farashi mai tsada suka yi wa gidan kuɗi da tsada, waɗanda aka nuna wa mai sauƙi suka yi ƙasa. Da aka tambaye su abin da suka duba, mafi yawansu ba su ko ambaci farashin mai gida ba. A Jamus kuma, a 2006, an ba masana shari'a labarin wata mata da aka sha kamawa tana ɗauke kaya a kanti, aka sa su jefa 'ya'yan ludo da aka shirya su ba da 3 ko 9, aka ce su ɗauki abin da ya fito a matsayin watannin da mai gabatar da ƙara ya nema. Masu 3 suka yanke kimanin wata 5, masu 9 kimanin wata 8. Ƙwarewa tana gajarta igiya, na yarda, amma ba ta tuge turke. Abin da take ƙara wa mutum shi ne tabbacin cewa shi ba a ɗaure yake ba.

A nan kasuwarmu tana da wata al'ada da ta cancanci a tsaya a kanta. Sau da yawa in ka tambayi kuɗin dabba ko tsohuwar mota, mai ita ba ya faɗa, sai ya ce, "Taya mana." Me ya sa zai ba ka damar kafa turke, in har riga faɗi riba ce? Saboda lambar farko tana yin aiki biyu. Tana jan ciniki zuwa wajenta, tana kuma tona asirin mai faɗinta. Dillali yana so ya ji tayinka don ya gane ko ka san kasuwa. In ka taya sama da abin da yake sa rai, ka ɗaure kanka da hannunka, zai ce albarka da fuskar ɓacin rai ya ƙara matsa ka. In ka taya daidai, ya san da ɗan gari yake magana. Don haka ƙa'idar a wurina ita ce: wanda ya san darajar kaya ya riga faɗi, don lambarsa za ta ja ɗayan. Wanda bai sani ba, in ya riga faɗi ya tona kansa, in ya jira an ɗaure shi. Ba shi da mafita a cikin kara. Mafitarsa tana gida, kafin ya fito.

Shi ya sa shawarar "ka raba abin da aka faɗa biyu" ba ta da amfani. Rabin lambar dillali lambar dillali ce. Ya san kana rabawa, ya riga ya ninka.

Abin da ke aiki shi ne ka zo da lambar da ba ta bi ta bakinsa ba. Ga yadda na koyi yi, da farashin da za mu ƙaddara don misali, kai ka sa na garinku. Rago matsakaici mai nauyin kilo 50 a tsaye, in an yanka an feɗe an cire kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura bai cika kaiwa rabi ba, ka ce kilo 23. Ka tambayi mahaucin unguwarku kuɗin kilon naman rago, mu ce 8,000. Ka sami 184,000. Ka ɗora kuɗin kai da ƙafa da kayan ciki da fata, mu ce 30,000. Ka kai 214,000. Layya ba cinikin nama ba ce, kuma kowa rago yake nema a mako ɗaya, don haka ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar na tsadar Sallah, ka tashi wajen 257,000. Sannan ka tambayi mutum biyu ko uku da suka riga ka saya nawa suka biya, ba nawa aka fara gaya musu ba. In lissafinka da nasu sun yi kusa, ka rubuta lamba biyu a takarda: inda za ka taya, da inda in an wuce za ka tafi. Lissafin ba cikakke ba ne, kana iya kuskuren nauyi da kilo biyar. Amma kuskurensa naka ne, ba wanda ke da riba a ciki ne ya shirya maka shi ba.

In kuwa an riga ka, lambar ta shiga kunne, cewa "zan yi watsi da ita" ba ya cire ta. An gwada gargaɗin mutane tun kafin a ba su lamba, jan bai tafi ba. Abin da aka ga yana rage shi shi ne mutum ya tilasta wa kansa kawo dalilan da suka saɓa mata. A wani gwaji da aka buga a 2000, wani ya kai tsohuwar mota mai shekara 10 wurin makanikai da dillalan motoci a Jamus. Wasu ya ce musu yana ganin za ta kai mak 2,800, wasu ya ce 5,000, sannan ya nemi nasu kirdadon. Tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta kai kimanin mak 1,000. Amma waɗanda ya fara tambaya, "Me kuke gani zai sa kuɗin nan da na faɗa bai dace ba?", jan da lambar ta yi musu ya ragu sosai. Ka yi wa kanka wannan tambayar a gaban rago: abu uku da za su sa bai kai haka ba. Kuma in lambar ta wuce hankali, kada ka mayar da tayi a kanta ko kaɗan, don tayinka amincewa ne cewa daga nan za a fara. Ka ce wannan ba maganar ciniki ba ce, ka matsa gaba.

Sai dai turke ba daga bakin dillali kaɗai yake fitowa ba. Tsohon farashi ma turke ne, kuma a shekarun nan shi ya fi cutar da mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, mutane da yawa suka ci gaba da auna komai da kuɗin da. Magidanci ya ba da kuɗin cefane na bara yana faɗan an yi almubazzaranci. Tela ya karɓi ɗinki a tsohon farashi, sai da ya je sayen zare da shafi ya gane aikin banza ya yi. Juyin haka ma yana faruwa: wanda ya ɓoye masara ya ga lokacin da buhu ya yi tashin gwauron zabo, in farashi ya faɗo a Dawanau sai ya ƙi sayarwa, yana jiran lambar da ya taɓa gani, ƙwari na ci. Alamar da za ka gane kana ɗaure ita ce in hujjarka ta fara da "ai da" ko "ai an ce", ba da abin da kayan zai ci ko zai kawo yau ba.

Da na sake tunanin ranar nan a kara, na gano dillalin ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Na shigo da taimakonsa a aljihuna. Mako guda kafin nan, hoton bidiyon wani ƙaton rago da aka ce an yi masa kuɗi miliyoyi ya yi ta yawo a wayoyi, kowa na cewa bana layya sai wane da wane. Da na ji 450,000, abin da ya fara zuwa raina ke nan, sai lambar ta yi mini kama da rangwame. Dubban ragunan da aka sayar a farashi na hankali babu wanda ya ɗauki hotonsu.

Wannan shi ne yanke na biyu da Tversky da Kahneman suka bayyana, tun a 1973. Idan muna son sanin yawan abu ko yiwuwar faruwarsa, ba ma ƙirgawa, muna duba saurin da misalinsa ke zuwa rai. Kamar mai ɗiban hatsi ne da ya zura hannu a bakin rumbu, abin da ya damƙo ya ce shi ne cikin rumbun duka. Sau da yawa hakan daidai ne, don abin da ya yawaita shi ka fi gani, shi ka fi tunawa. Amma abu yana hawa bakin rumbu saboda wasu dalilan: don jiya ya faru, don ya ba da tsoro, don a kanka ya faru, ko don an yi ta maimaita shi.

Duk wanda ya yi wayo a Kano a lokacin yana tuna ranar 4 ga Mayun 2002, da jirgin sama ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Har yau akwai wanda in ka ce masa ya hau jirgi zai ambaci Gwammaja, sannan ya shiga motar haya da daddare ba tare da ya ji komai ba. Alhali alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa suna nuna mutum wajen 5,000 ke mutuwa a kan titunan Nijeriya kowace shekara, waɗanda aka rubuta ke nan. Na titi suna tafiya biyu-biyu, bakwai-bakwai, ba su da rana ɗaya da za a riƙe. A Amurka an auna kuɗin wannan tsoro: bayan harin 11 ga Satumban 2001 mutane da yawa suka bar jirgi suka koma tuƙi, kuma masani Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa an sami ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,500 a kan hanya cikin shekarar da ta biyo. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ba a ga laifinsa. Matsalar ita ce inda ya gudu ya faɗa.

Har cikin ɗaki abin yana bin mu. A 1979 wasu masu bincike a Kanada, Ross da Sicoly, suka tambayi ma'aurata, kowa daban, nawa ne rabonsa a hidimomin gida. Da aka haɗa abin da miji ya ɗauka da abin da mata ta ɗauka, a yawancin ayyukan sai ya zarce aikin duka. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Kowa yana nan duk lokacin da shi ya yi aiki, amma ba ya nan duk lokacin da ɗayan ya yi. Abokan kasuwanci biyu da kowannensu ke jin shi ke ɗauke da shago, 'yan'uwa da ke jinyar mahaifi kowa na ganin an bar masa, duk wannan lissafin ne.

Hanyar kama shi ita ce ka tambayi kanka misali nawa ne a hannunka, kuma ta ina suka zo. In ka ce mutanen gari kaza ba sa biyan bashi, ƙirga: mutum nawa ka ba, nawa suka hana? Sau da yawa za ka tarar mutum ɗaya ne, kuma ciwon ne ya sa ya cika maka ido. Mai shagon da ke rubuta bashi a littafi yana da maganin da ba shi da tsada, ya buɗe ya duba.

Da shekara ta zagayo na koma kara da 'yar takarda a aljihun gaba. Dillali na farko ya faɗi lambarsa, na ji ta zauna mini a kai duk da shirin da na yi, har na fara rage ta a zuci kafin in tuna in taɓa aljihu. Na faɗi tawa.

"Albarka, Alhaji. Ko kuɗin dusarsa bai kai ba."

"To Malam, Allah ya kawo kasuwa."

Bai riƙo rigata ba. Na biyu ma haka. A wurin na uku, wani dattijo da ya kawo raguna huɗu daga ƙauye da kansa, muka daidaita da ƙarin 15,000 a kan tayina, ƙasa kaɗan da inda na rubuta zan tsaya. Yana kwance igiyar daga turke ya ce in kawo tawa, wannan ta gida ce.